Me ke sauya fuska idan an gyara hoto?

A Sabon Garin Zariya da Samaru, mai gyaran hoton biki kan umurci manhajar ƙirƙirarriyar basira ta sauya bango kawai, sai amarya ta fito da siririn hanci, zanen kumatun kakarta ya ɓace. Dalili kuwa, manhajar ba liƙa bango take yi ba: tana matse hoton gaba ɗaya, ta sake zana shi daga abin da ta koya, ta cike gurbin da ta rasa da fuskokin da ta fi sabawa da su. Zanen gado a wurinta tabo ne. Ɓarnar ta fi tsanani idan fuskar ƙarama ce, kamar a hoton taron ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, kuma kowane gyara a kan gyara yana ƙara ta.

Wasu kan ce a rubuta wa manhajar kada ta taɓa fuska. Wannan roƙo ne, ba katanga ba. Abin da ya fi tabbas shi ne a shata wurin gyara kaɗai, a riƙa farawa daga hoton asali, ba wanda WhatsApp ya matse ba, sannan a ɗora fuskar asali a kan sakamakon. Kafin bugawa, a jera hotunan biyu, a duba tazarar idanu, kunne da wushirya.