Me ya sa jimillar allon bayanai ba ta dacewa da layukan da ake gani?

Ma'aikatu da kamfanoni da asibitoci da dama sun koma duba lissafinsu a allon bayanai, wato shafin nan na kwamfuta da ke tattara alƙaluma wuri guda, irin wanda ake haɗawa da Excel ko Power BI ko Tableau. Duk wanda ya yi aiki da shi na ɗan lokaci ya san wannan matsala. Sai ka tace bayanai, ka bar abin da kake so kawai, layuka uku ko huɗu su rage a gabanka. Ka ɗauki kalkuleta ka haɗa su, ka sami adadi ɗaya. Ka dubi layin ƙasa inda aka rubuta Total, ka ga wani adadin dabam. Daga nan shugaba ya fara zargin mai shigar da bayanai, shi kuma ya ɗora laifin a kan manhaja, wani lokaci har a fara raɗe-raɗin an yi coge.

Sau da yawa babu wanda ya yi kuskure. Tushen abin shi ne, a Power BI da ire-irensa, jimillar ƙasa ba tara layukan da ke samanta take yi ba. Komawa take yi kan asalin bayanan, ta sake lissafi daga farko. Kowane layi tambaya ce da aka yi wa rumbun bayanai, jimilla kuma wata tambaya ce mai zaman kanta. Idan amsoshin suka dace, to yanayin abin da ake ƙirgawa ne ya ba da damar hakan.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wani ƙaramin asibiti yana rubuta duk yaron da aka kawo, kowane yaro da lambar katinsa. Mai haɗa allon ya rubuta ma'aunin da zai ƙirga yara kamar haka:

```
Yara = DISTINCTCOUNT(Ziyara[LambarKati])
```

Aikin DISTINCTCOUNT shi ne ya ƙirga kowace lamba sau ɗaya tak, ko da ta bayyana sau goma. An tace allon, an bar watanni uku na farkon shekara. Janairu ya nuna yara 120, Fabrairu 150, Maris 130. Kalkuleta za ta ce 400. Allon kuwa ya rubuta 310.

Ina sauran 90 suka shiga? Ba su ɓace ba, domin tun asali babu su. A cikin yaran nan, 240 wata ɗaya kawai aka kawo su. Yara 50 an kawo su a watanni biyu, saboda haka kowanensu ya fito a layi biyu. Yara 20 kuma sun zo a duk watannin uku, sun fito a layi uku. Idan ka haɗa 240 da 50 da 20, za ka sami 310, kuma wannan shi ne yawan yaran da suka taka ƙofar asibitin. Idan ka bi layuka kuwa, 'yan wata biyu sun ƙara 50 na maimaici, 'yan wata uku sun ƙara 40, shi ne 90 ɗin. Kamar biki ne: a ƙirga mahalarta kamu, a ƙirga na yinin biki, a ƙirga na walima, idan aka tara ukun za a sami adadin da ya zarce mutanen da suka zo, domin gwaggon amarya ba ta bar ko ɗaya ba.

Abin ya fi rikita mutane idan aka sake taɓa matatar. A ce an cire Maris, an bar Janairu da Fabrairu. Hankali zai ce jimilla ta ragu da 130, tunda layin da aka cire ke nan. Sai a ga ta sauko daga 310 zuwa 230, wato 80 kawai suka fita. Dalili kuwa, cikin yara 130 na Maris, 80 ne ba a taɓa kawo su ba a watannin baya. Sauran 50 suna nan a Janairu ko Fabrairu, don haka cire Maris bai fitar da su daga lissafi ba. Wanda bai san wannan ba zai rantse matatar ta lalace, alhali aikinta take yi daidai.

Haka abin yake ga kaso cikin ɗari da matsakaici. A ce reshe ɗaya ya yi wa mutum 20 gwajin zazzaɓin cizon sauro, 10 suna da shi, wato kashi 50. Wani reshen ya gwada 180, aka samu 36, kashi 20. Mai gaggawa zai raba tsakani ya ce kashi 35. Allon zai ce kashi 23, domin ya haɗa 46 ya raba da 200. Nan ma allon ne ke da gaskiya, tunda ba zai yiwu reshe mai mutum 20 ya yi nauyi ɗaya da mai mutum 180 ba.

To amma ba kullum ne allon ke da gaskiya ba, kuma a nan ne ya kamata a buɗe ido. Akwai lokacin da matatar ta taɓa layuka amma ba ta isa ga jimilla ba. A Excel wannan ya fi faruwa. Idan an rubuta jimillar kuɗi da SUM, to za ta tara komai, har da layukan da Filter ya ɓoye. Ka tace ka bar cinikin reshe ɗaya, layuka su koma goma sha biyu, jimilla kuwa tana nan a kan cinikin dukkan rassa. Maganin shi ne a yi amfani da SUBTOTAL:

```
=SUM(C2:C500)
=SUBTOTAL(9,C2:C500)
=SUBTOTAL(109,C2:C500)
```

Na farko ba ruwansa da tacewa. Na biyu yana tsallake layukan da Filter ya cire, amma yana tara waɗanda mutum ya ɓoye da hannunsa ta hanyar Hide. Na uku yana tsallake duka biyun. Wannan ɗan bambanci tsakanin 9 da 109 ya isa ya haɗa akanta da maigidansa faɗa, musamman a fayil ɗin da ya bi ta hannun mutane da yawa, wani ya ɓoye layi ya manta.

A Power BI ma ana samun irin wannan. Idan mai haɗa allon ya sa ALL a cikin ma'auninsa, to ya umarci ma'aunin ne ya yi watsi da tacewa a kan abin da ya ambata. Ana yin haka da gangan idan ana son sanin kason da kowane reshe ya samu a cikin gaba ɗaya, amma idan aka ɗauki ma'aunin aka ɗora a wani wurin, sai adadi ya tsaya cak duk yadda aka tace. Haka kuma matatar da aka ɗora a kan tebur ɗaya ba ta shafar babban adadin da ke saman shafi. Idan aka ce teburin ya nuna rassa biyar mafi ciniki ta hanyar Top N, babban adadin zai ci gaba da nuna cinikin kowa da kowa. Akwai kuma Edit interactions, inda ake iya yanke alaƙa tsakanin matata da wani sashe na allon, kuma mai kallo ba zai ga alamar an yanke ba.

Yaya mutum zai gane wanne ne ya same shi? Hanya mafi sauri ita ce a duba ɓangaren da saɓanin ya karkata. Idan ana ƙirga mutane ko kwastomomi ko katuna, jimilla kuma ta gaza abin da kalkuleta ta bayar, to kusan ko yaushe maimaici ne, wasu sun fito a layi fiye da ɗaya. Idan kuɗi ne ko buhuna, jimilla kuma ta zarce, to akwai abin da take tarawa wanda ido ba ya gani. A canza matatar a gani: idan layuka suka sauya jimilla ba ta motsa ba, matatar ba ta isa gare ta ba. Idan kuwa saɓanin ɗan kaɗan ne, a duba yadda aka taƙaita lambobi. Layuka uku masu naira miliyan 1.4 kowanne za su fito a matsayin 1, 1, 1 idan an cire ɗigo, jimillarsu ta miliyan 4.2 kuma ta fito 4. A ƙara gurbin ɗigo ɗaya, magana ta ƙare.

Idan duk wannan bai warware ba, a koma kan ɗanyen bayani. A zaɓi ɗan yanki da za a iya ƙirgawa da hannu, kamar kwana biyu ko reshe ɗaya, a fitar da layukansa zuwa Excel, a jera lambobin kati, a duba waɗanda suka maimaitu. Aiki ne mai ɗan cin lokaci, amma shi ne ke raba gardama.

Abin da ya fi damuna shi ne maganin da ake yawan yi. Shugaba ya ce lallai jimilla ta dace da layuka, mai haɗa allo kuma, don a zauna lafiya, ya tilasta mata:

```
YaraTare = SUMX(VALUES(Kalanda[Wata]), [Yara])
```

Wannan zai bi wata-wata ya tara, ya ba da 400. Kalkuleta ta yarda, kowa ya yi shiru. Amma yanzu allon yana cewa yara 400 aka gani, alhali 310 ne. Idan da wannan adadi za a auna yawan yaran da asibitin ya kai gare su a unguwa, an ƙara yara 90 da ba su wanzu ba, kuma duk shawarar da aka gina a kai ta karkace. Ba wai SUMX ba shi da amfani. Akwai inda shi ne daidai, kamar alawus da ake biyan ma'aikaci idan cinikinsa ya haye wani mizani. A nan, idan aka bar jimilla ta sake lissafi da kanta, za ta gwada cinikin kowa gaba ɗaya da mizanin mutum ɗaya, ta ba da adadin da ba shi da ma'ana. Abin da za a biya shi ne tarin abin da kowane ma'aikaci ya samu, don haka dole a bi layi-layi. Kafin a zaɓi ɗaya, sai an san tambayar da ake son jimillar ta amsa: mutum nawa, ko sau nawa, ko nawa za a biya.

Saboda haka ina kira ga masu haɗa waɗannan alluna su riƙa rubuta sunan kowane adadi a fili. Idan yara ake ƙirgawa ba tare da maimaici ba, a rubuta hakan a kan teburin, a ƙara layi ɗaya a ƙasa da ke cewa yaro ɗaya na iya fitowa a wata fiye da ɗaya. Idan babban adadin da ke sama ba ya bin matata, a faɗa. Shugabanni kuma, kafin ku sa hannu a rahoto ko ku tuhumi ma'aikaci, ku tambayi wanda ya haɗa allon abubuwa biyu: me wannan jimilla take ƙirgawa, kuma waɗanne matatu ne suka shafe ta.