Mai ganga, rage gudu kafin ranar fareti

Duk wanda ya taɓa kallon faretin makarantu a Hadejia ranar 27 ga Mayu ya san inda abu ke lalacewa: masu ganga su zo wurin da kiɗan ya yi wuya, su ruɗe su ƙara sauri, sai ƙafafun 'yan maci su harɗe a gaban manyan baƙi. Ana magance wannan tun a gida da metronom, na'urar da ke yin "ƙas, ƙas" a daidai saurin da aka saita mata. Idan ka rubuta `metronome` a Google za ta fito maka kyauta. Lambar da ke jikinta ita ce yawan bugu a minti ɗaya.

Macin fareti yakan tafi a kan taku 120 a minti. A ce wurin da ke ba ka wahala shi ne dama-hagu-dama-dama, hagu-dama-hagu-hagu, wato sanda huɗu a kowane taku. A 120, bugu takwas ke nan cikin daƙiƙa ɗaya, kuma hannun da bai saba ba ba zai iya ba. To, ware wannan guntun kaɗai, ka saita na'urar a 60. Zai yi maka kamar wasan yara, amma daure. Sai ka buga shi sau biyar a jere ba kuskure, sannan ka koma 64, daga nan 68. Ƙarin huɗu kunne da kyar yake jin sa, shi ya sa hannu ke bi ba gardama. Daga 60 zuwa 120 matakai 15 ne, aikin makonni, ba na yamma ɗaya ba.

Wataƙila wajen 92 ka ji kafaɗarka ta ƙage, kana damƙe sanda, bugu biyun nan na hagu suna manne wa juna. Kada ka matsa, don maimaita kuskure koya wa hannu kuskure ne. Sauka zuwa 84 ka sake hawa. Gobe ma fara ƙasa da inda ka tsaya.

Akwai tarko a kiɗan sannu: da yake akwai lokaci, sai mutum ya riƙa ɗaga sanda sama da dukan hannu, abin da ba zai yiwu ba a 120. Bar sandunan kusa da fata, wuyan hannu ya yi aikin. Kuma tunda ganga tana danne ƙarar waya, yi atisayen a kan tsohon silifa. Idan bugunka ya faɗa daidai, "ƙas" ɗin yakan ɓace a cikinsa. In kana jin sa a bayan sandarka, ka riga shi.

'Yan makarantar kwana da aka hana waya, ku ɗaura dutse a zare mai tsawon mita ɗaya. Kowane lilo daga gefe zuwa gefe daƙiƙa ɗaya ne, wato 60. Santimita 88 zai ba ku kusan 64, santimita 25 kuma 120. Aboki ya riƙe zaren, wani ya riƙa tafi.