Farin akwatin da ke bin tambari: daga ina yake, kuma yaya ake raba su

A wajen walimar saukar karatu ta wata Islamiyya da na halarta, an haska shirin bikin a majigi. Shafukan an yi musu koren fenti mai duhu, rubutun fari tas, abin gwanin sha'awa. Amma a kusurwar dama ta sama, tambarin makarantar yana zaune a cikin wani farin akwati mai kusurwa huɗu, sai ka ce an manna takarda a jikin bango da gam. Tambarin kansa zagaye ne, da hoton buɗaɗɗen littafi a tsakiya. Farin da ya kewaye shi ba ya cikin zanen. Abin ya tsaya mini a rai, domin an sha wahalar aikin, kuma gyaran bai fi na minti goma ba.

Matsalar tana cikin fayil ɗin, tun kafin a kai shi PowerPoint. Hoton da sunansa ya ƙare da JPG ba ya iya barin wani wuri babu komai. Kowane ɗigo a cikinsa dole ya ɗauki launi, don haka inda mai zane ya bari fili, sai a cike shi da fari. A kan farar takarda ba a lura. Ranar da aka ɗora shi a kan kore ko shuɗi, sai asiri ya tonu. PNG kuwa yana ajiye wani bayani na daban game da kowane ɗigo: shin a gan shi sosai, ko a ɗan hango abin da ke bayansa, ko kada a gan shi sam. Matakan sun kai 256, shi ya sa bakin tambarin PNG yake narkewa a cikin kowane launi ba tare da zazzago ba.

Saboda haka matakin farko ba na kwamfuta ba ne. A koma wurin wanda ya zana tambarin, a ce masa: "Malam, a taimaka mana da PNG marar baya." Idan yana da SVG ma ya fi, domin shi ko an ja shi ya cika allo ba ya dushewa, kuma PowerPoint na zamani yana karɓarsa. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke yin asara ba su sani ba. Mai zane zai turo PNG mai kyau ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi ta mayar da shi JPG, filin da aka bari ya koma fari ko baƙi. A roƙe shi ya turo ta Document ko ta imel. Haka kuma a yi hattara da tambarin da aka sauko da shi daga intanet mai ƙananan murabba'ai fari da toka a bayansa kamar allon dara. Wani lokaci murabba'an zane ne kawai a jikin hoton, za su biyo shi har kan shafinka.

To idan mai zanen ya yi nisa, JPG ɗin nan kaɗai ke hannu fa? PowerPoint yana da hanyoyi biyu, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba.

Ta farko ita ce a danna hoton, a shiga Picture Format, sannan Color, sannan Set Transparent Color, a taɓa farin. Nan take zai ɓace. Tana da sauri, amma launi guda tak take cirewa, kuma tana cire shi a ko'ina yake. A tambarin Islamiyyar nan, shafukan littafin da ke tsakiya su ma farare ne. Da an bi wannan hanya, da littafin ya huje, koren shafi ya leƙo ta cikinsa. Akwai kuma aibi na biyu. Farin da ke dab da bakin zane a JPG ba fari ne zalla ba, ya ɗan gauraya da launin zanen, don haka ba ya fita. Abin da ke saura shi ne wani siririn farin zare da ya kewaye tambarin da kowane harafi. Wannan hanya ta dace da tambari mai kaifin baki wanda babu fari a cikinsa.

Ta biyu ita ce Remove Background, a nan cikin Picture Format. Da an danna, PowerPoint zai shafe duk inda yake zaton baya ne da launin shunayya mai haske. Zato ne kawai, kuma yakan yi kuskure. Da Mark Areas to Keep ake jan layi a kan abin da ya shafe bisa kuskure, kamar shafukan littafin. Da Mark Areas to Remove ake nuna masa farin da ya manta. Wurin da ya fi mantawa shi ne cikin haruffa: ramin a da o, da cikin ɗ da ɓ. Sai an ƙara girman allo an bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan a danna Keep Changes. Wannan hanyar ce kuma ake bi da hoton mutum, misali na shugaban makaranta. Tana yin kyau idan an ɗauki hoton a gaban bango mai launi ɗaya wanda ya saɓa da tufafinsa. Mai farar babbar riga a gaban farin bango kuwa, kafaɗarsa za ta tafi tare da bangon. Gara a sake ɗaukar hoton a gaban labule mai duhu da a ɓata awa guda ana jan layi.

Kada a yarda da aikin tukuna. A zana baƙin akwati a shafi, a ɗora tambarin a kai, a ƙara girman allo zuwa 400%. Duk wani farin zare ko ɓurɓushin da ya saura zai fito fili. Idan ya yi tsaf, a danna shi da maɓallin dama, a zaɓi Save as Picture, a ajiye shi a PNG. Wanda ya ajiye a JPG ya dawo da farin akwatin da hannunsa.

Saura abu guda da cire baya ba ya magancewa. Rubutun da ke kewaye da tambarin Islamiyyar kore ne, shafin ma kore. Da an cire farin, sunan makarantar zai nutse. A nan ko dai a nemi farin samfurin tambarin daga mai zane, ko a sa farin da'ira daidai girman tambarin a bayansa, ta yadda farin zai zama kamar da gangan aka yi shi. Tambari mai launi ɗaya kuma ana iya mayar da shi fari ta hanyar kai Brightness zuwa 100% a Format Picture. Mai launuka da yawa kada a yi masa haka, zai zama farin dunƙule.

Game da girma, faɗin shafin PowerPoint na yau inci 13.33 ne, wanda a majigi mai ɗigo 1920 yake kamawa ɗigo 144 a kowane inci. Tambari mai faɗin inci ɗaya da rabi yana buƙatar aƙalla ɗigo 216, kuma idan an samu mai 500 hankali ya kwanta. A riƙa jansa ta kusurwa, domin jan gefe yana mayar da da'ira ƙwai. Maimakon manna shi a shafi talatin da hannu, yana tsalle daga wuri zuwa wuri, a shiga View, sannan Slide Master, a ajiye shi sau ɗaya a kan babban shafi na sama, a bar masa ɗan fili daga baki.

Idan kai ne ke riƙe da takardun makarantarku ko ƙungiyarku, ka nemi tambarin a PNG, mai launi da fari, ka ajiye su a imel tun kafin ranar taro ta matso.