Lissafin ƙasar da ruwa ke kwashewa daga gona

Idan aka ce zaizayar ƙasa, abin da ke fara zuwa wa mutane a rai shi ne kwari, irin wanda ke cin gidaje da hanyoyi a Gombe. Wannan kowa na ganinsa. Amma akwai wata zaizayar da ba ta da hayaniya, kuma ita ce ke talauta gonaki da yawa. Idan ruwa ya ɗebe kaurin milimita 1 kacal daga saman hekta guda, to ya tafi da ƙasar da ta kai tan 13 zuwa 15. Manomi ba zai ga gurbin milimita ɗaya ba, sai bayan shekaru ya lura cewa taki ba ya kama gonar kamar da, tsakuwa ta fito fili, wani sashen ma ya koma fako.

Aikin yana farawa ne daga ɗigon ruwa. Babban ɗigo yana faɗowa da saurin kusan mita 9 a daƙiƙa. In ya sauka a kan ƙasa tsirara sai ya farfasa dunƙulenta, ya fantsamar da ɓarɓashi. Dubi gindin katanga ko ƙasan ganyen gero bayan ruwa, za ka ga feshin taɓo: shaidar ke nan. Ɓarɓashin mai laushi yana toshe kafofin da ruwa ke bi ya nutse, saman ƙasa ya yi ɓawo, ruwan da ya kamata gona ta sha sai ya kama hanyar gangare. Da fari yana malala a shimfiɗe yana ɗauke saman ƙasa, inda ruɓaɓɓen ganye da abincin shuka suke. Daga nan ya tattaru a ƙananan magudanai masu faɗin yatsa ko tafin hannu, waɗanda huɗa ɗaya ke shafe su. In aka bar su suka yi zurfin da garma ba ta iya rufewa, sun zama kwari.

Ga mai son gane ko gonarsa na zaizayewa, akwai alama mai sauƙi. Ya nemi ƙaramin dutse a fili. In ya same shi zaune a kan ɗan tudun ƙasa, kewayensa kuma ya lotsa, to tsayin tudun nan shi ne kaurin abin da ruwa ya kwashe, domin dutsen ya kare ƙasar da ke ƙarƙashinsa kaɗai.

Masana biyu na ma'aikatar noma ta Amurka, Walter Wischmeier da Dwight Smith, su ne suka mayar da wannan al'amari lissafi. Sun tattara awon da aka yi shekara da shekaru a ƙananan filayen gwaji, suka fitar da ƙa'idar da ake kira USLE a 1965, suka sake gyara ta a 1978:

```
A = R × K × L × S × C × P
```

A ita ce matsakaicin ƙasar da hekta ke asara a shekara. R kuwa ƙarfin ruwan sama ne, kuma ba yawansa kaɗai ake dubawa ba. Ana haɗa ƙarfin bugun ɗigo da mafi tsananin zubar da aka yi cikin minti 30. Shi ya sa yayyafin yini guda bai kai ruwan sa'a ɗaya mai tafe da hadari ɓarna ba, ko da ma'auni ya nuna adadinsu ɗaya. K tana nuna saurin ba da kai na ita ƙasar. Rairayi mai gautsi yana shanye ruwa, yumɓu yana manne wa juna, mai saurin tafiya ita ce ƙasa mai laushi kamar gari wadda ruɓaɓɓen ganye ya yi mata ƙaranci.

Sauran huɗun duk kwatanci ne da wani fili na gwaji: tsawonsa mita 22.1, gangarensa kashi 9 cikin ɗari, wato yana sauka mita 9 a kowace mita 100, ba shuka a kansa, an kuma nome shi daga sama zuwa ƙasa. A wannan fili L da S da C da P kowacce 1 ce. L tsawon gangare ce, S tsananinsa, C abin da ya rufe ƙasa, P kuma dabarar tare ruwa.

Mu ɗauki misali, da alƙaluman da muka zaɓa don koyo. A ce gonar gero ce inda R ta kai 5,000, K kuma 0.02. Ninka su ya ba da tan 100, abin da filin gwajin zai rasa ke nan a wannan wuri. Gonar tamu tana da gangaren kashi 5 cikin ɗari, wanda ke ba da S kusan 0.46, tsawonta kuma mita 90, wanda ke ba da L kusan 2. Haɗinsu kusan 0.9 ne, saura tan 90. An kwashe kara tas bayan girbi, geron kuma bai rufe ƙasa da wuri ba, don haka mu sa C a 0.5. Kunyoyi sun bi gangare, P ta tsaya a 1. Sakamako tan 45 a hekta kowace shekara, kaurin milimita 3 ke nan. A Amurka iyakar asarar da ake ɗauka ƙasa mai zurfi za ta iya jurewa ita ce kusan tan 11.

Yanzu manomin ya juya kunyoyinsa suka gitta gangare, kowace kunya ta zama ƙaramar madatsa. A gangare irin wannan P tana sauka zuwa 0.5, asara ta koma tan 22 da rabi. Sai ya bar wani kaso na kara a kwance, ya sa wake a tsakanin gero, a ce C ta sauko 0.2. Asara ta dawo tan 9. Bai taɓa ruwan sama ba, bai sauya irin ƙasarsa ba. Da yake lissafin ninki ne, rage abu ɗaya da rabi yana rage jimlar duka da rabi, gyara biyu kuma suna ƙara wa juna ƙarfi.

A ganina C ce ta fi cancantar hankalin manomin ƙasar Hausa, domin tazararta ta fi ta kowacce faɗi: daga 1 a ƙasa tsirara zuwa ƙasa da 0.01 a inda ciyawa ko daji ya rufe ruf. Ga shi kuma ruwan farko na damina, mai zuwa da ƙarfi, yana tarar da gonakinmu a share, dabbobi sun cinye abin da ya rage, an ƙone sauran. Na san kara ba abin zubarwa ba ne. Shi ne abincin dabba, shi ne danga, shi ne makamashi. Amma ko kashi ɗaya cikin uku na fuskar ƙasa aka rufe, zaizaya tana raguwa ƙwarai, saboda ɗigon yana ƙare ƙarfinsa a kan kara kafin ya taɓa ƙasa. Jerin duwatsu da tassa da rabin-wata da manoman jihar Tawa a Nijar suka ƙware a kai suna aiki ne ta ɓangaren P, suna kuma katse tsawon tafiyar ruwa.

Ƙa'idar tana da iyaka. Matsakaicin shekaru masu yawa take bayarwa, ba ta faɗin abin da ruwan dare ɗaya zai yi. Ba ta lissafa kwari, ba ta kuma lissafa abin da iska ke ɗauka, wanda a gonakin jigawa na arewacin Katsina da Damagaram babban al'amari ne. An kuma gina ta da ruwa da ƙasar Amurka, don haka wanda ya kwafi K ko C daga littafinsu ba tare da awon gida ba zai iya yin kuskure mai yawa a adadin tan. Inda ta fi amfani shi ne kwatanta zaɓi biyu a gona ɗaya: kunya a tsaye ko a gicciye, kara a kwashe ko a bar wani kaso.