Sararin Sama Na Tona Asirin Hoto

A ce an turo maka hoto a waya, an rubuta cewa a bayan garin Kano aka ɗauke shi a watan Agusta. Kafin ka duba mutanen da ke ciki, ɗaga ido ka dubi sama. Idan ka ga ta yi fari fat babu gajimare, rana ta dushe kamar farin faifai, gidajen nesa sun ɓace cikin hazo, to akwai lauje cikin naɗi. Agusta tsakiyar damina ce. Ruwa ya wanke ƙura, sama cike take da hadari, ƙasa kore shar. Irin wancan hazon na hunturu ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta watsa ta har gaɓar teku.

Sai dai hazo shi kaɗai bai isa shaida ba. Birnin Delhi na Indiya ma yakan lulluɓe a Nuwamba, amma nasa hayaƙi ne na motoci da na karan shinkafar da manoman Punjab da Haryana ke ƙonawa, kuma a hoto da wuya ka bambanta su. Don haka sai ka sauko ƙasa ka nemi mai mara wa sama baya. A wurinmu itatuwa ne suka fi gaskiya. Kuka takan zubar da ganyenta da rani. Gawo kuwa, kamar yadda kowane manomi ya sani, akasin haka yake: da damina yake tsirara, da rani yake ganye. Hoton da ya nuna kuka ƙwarangwal, gawo kore, ciyawa busasshiya, yara sanye da hular sanyi, ba na Agusta ba ne, ko wa ya rantse.

Baƙin hadari ya fi wuyar sha'ani, domin daminar Indiya, daga Yuni zuwa Satumba, kusan lokaci ɗaya take da tamu. Hadarin zai gaya maka lokaci, amma wurin sai ka nemo shi a rubutun alluna da tufafin jama'a.

Dusar ƙanƙara ce ke yawan yaudarar mutanenmu, don da an gan ta sai a ce Turai, watan Disamba. Alhali a Lesotho tsakanin Yuni da Agusta take zuba, saboda kudancin duniya lokacin ne sanyinsu. A Disamban 2016 ta rufe tuddan yashi a Ain Sefra ta Aljeriya, a bakin Sahara. Ƙololuwar Kilimanjaro kuwa da ƙanƙara take duk shekara, saboda haka ganin fari a kanta ba ya nuna wani wata takamaimai.