Gyara lamba a takardar banki ko ta albashi jabu ne: ga hanyar samun ta gaskiya

Yau maganarmu a kan takardu biyu ce: relebe, wato takardar da banki ke bayarwa mai nuna shige da ficen kuɗin asusunka, da kuma biltan, takardar albashin wata. Ana neman su wajen cin bashin banki, neman biza, ko kama hayar gida a birni. Idan abin da ke rubuce bai kai ba, sai wani ya ce: "Kawo mu gyara maka a na'ura, lamba ɗaya ce kawai."

To, a gaban doka wannan lamba ɗaya jabu ce. Kundin hukunta laifuka na Nijar ya hana sauya rubutun takardar banki ko ta hukuma, kuma ya hana amfani da ita. Ke nan wanda ya gyara da wanda ya miƙa duka suna iya fuskantar ɗauri da tara. Ko da kuɗin naka ne, ko kwanan wata kaɗai ka taɓa don tsohuwar takarda ta zama sabuwa, laifin yana nan.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani malamin makaranta a Buza yana karɓar jika 150 a wata. Yawanci banki ba ya yarda biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, wato jika 50 a wurinsa. Shi kuma babban bashi yake so, sai aka mai da 150 ta koma 250 a biltan da relebe.

Ga inda asiri ke tonuwa. Relebe lissafi ne mai sarƙa. Yana da jika 40 a asusu, albashi ya shigo, ya zama 190. Ya cire 100, saura 90. Da aka rubuta 250, jimillar shigowa da ragowar ƙarshen wata sun daina haɗuwa. Idan aka gyara su ma, ragowar ba za ta yi daidai da wadda wata na gaba ya buɗe da ita ba. Biltan ma haka yake: haraji da kuɗin fansho daga albashin ake lissafa su, mai dubawa zai ga albashi babba da yanke ƙarami. Uwa uba, ainihin lambar tana cikin na'urar banki. Ofishin jakadanci ko wani bankin na iya tuntuɓar wanda ya ba da takardar ya tabbatar. Ramin ƙarya ƙurarre ne: malam ya rasa bashi, aikinsa ya shiga haɗari.

Yaya ake samun ta gaskiya? Ka je reshen bankinka da katin shaidarka da lambar asusu, ka faɗi watannin da kake so, misali uku ko shida na baya. Ka ce a buga hatimi a sa hannu, ka duba sunanka da kwanan wata kafin ka fita. Tun 1 ga Oktoba 2014, babban bankin BCEAO ya sa relebe na wata-wata cikin ayyukan da bankuna ke yi kyauta. Kwafi na biyu ko na tsofaffin watanni kuwa, ana iya cajin ka, don haka ka tambayi farashi tukuna.

Biltan kuma daga mai biyan ka yake fitowa. Ma'aikacin gwamnati ya nemi nasa ta sashen albashi na ma'aikatar kuɗi, ma'aikacin kamfani ko ƙungiya ya je wurin akanta. Idan biltan ya ɓace, a nemi kwafi ko takardar shaidar albashi mai hatimi.

Ƴan'uwa na waje, banki ba zai ba ƙanenka relebenka don kawai ya ce kai ka aiko shi ba. Ka aiko da takardar wakilci wadda hukuma ta tabbatar da sa hannunka, ko ka tambayi bankin yadda zai turo maka kai tsaye.

Idan kuma ka ga kuskure na gaske a takardar, kada ka sa biro ko farin goge rubutu. Ka mai da ita inda ta fito, ka rubuta koke, su gyara su ba ka sabuwa. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya nemi bashi daidai ƙarfinsa, ko ɗan'uwa ya tsaya masa da takardunsa na gaskiya.

Allah ya tsare mana mutuncinmu.