Aikin dare a ranar rufe lissafin albashi

Yawancin ma'aikatu ba sa jiran 30 ga wata kafin su rufe lissafin albashi. Wasu kan rufe ranar 25 domin akanta ya samu lokacin turawa banki. Rigimar takan taso kan mai aikin dare.

A ce maigadi ya kama aiki ƙarfe 10 na daren 25, ya tashi ƙarfe 6 na safiyar 26. Awa 8 ke nan, amma 2 kaɗai suka faɗo kafin ƙarfe 12 na dare. Idan ana biyansa naira 500 a awa, ma'aikatar da ke yanke lissafi a tsakar dare za ta sa masa naira 1,000 a wannan wata, sauran 3,000 su bi albashin wata mai zuwa. Wata kuma takan ɗora duka 4,000 kan ranar da aka kama aikin. A ganina wannan ya fi sauƙin dubawa, muddin an rubuta ƙa'idar kuma ba a sauya ta kowane wata.

Kuɗi na salwanta ne idan aka biya awa 2, sannan sabuwar takardar ta fara daga aikin daren 26. Awa 6 na asubar nan ba su shiga ko'ina ba. Ma'aikaci zai gane haka idan ya haɗa awannin takardun albashi biyu a jere, ya gwada da rajistar sa hannu.